Daga Allon Waya Zuwa Akwatin Lefe: Yadda Soyayyar Fim Ke Samun Farashi a Babbar Kasuwar Katsina

A layin 'yan atamfa na Babbar Kasuwar Katsina, ciniki ya sauya salo. A da mace kan shigo shago ta ce a sauko mata da turamen da ke akwai, ta shafa, ta ɗaga a haske, ta zaɓa. Yanzu sau da yawa waya take fara miƙa wa mai shago. "Alhaji, irin wannan nake nema," in ji ta, ga hoton wata jarumar fim ko wata amaryar da bikinta ya zagaya TikTok. Idan babu irinsa sak, sai ta wuce shago na gaba. Haka abin yake wajen masu akwatuna, da masu labule da kafet, da masu kayan kicin, har da telolin da ake kai wa ɗinki.

Wannan hoton da ke cikin waya ba zanen leshi kaɗai yake ɗauke da shi ba. Yana tafe da wani cikakken zato game da yadda so yake, da yadda mai so ke nuna shi, da irin zaman da za a yi bayan an kai amarya. Kasuwa ita ce wurin da ake yi wa wannan zato kuɗi, shi ya sa nan ne ya fi sauƙin ganewa.

Hanyar da ya biyo

Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa 'yan asalin Lebanon suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Arewa. Hausawa suka karɓe su hannu biyu, domin sun ga abubuwan da suka yi kama da nasu: kunya tsakanin mace da namiji, girmama iyaye, sutura mai rufe jiki, da kuma rigimar auren dole. Har laƙabi aka raɗa wa jarumai, ana kiran Dharmendra da Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa finafinan sun ba matasa wata kafa ta hango rayuwar zamani wadda ba ta Turawa ba, inda saurayi da budurwa ke kokawar kare zaɓinsu ba tare da sun tsine wa iyaye ba.

Daga silima abin ya koma takarda. Littattafan soyayya na adabin kasuwar Kano sun bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ita kuma Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, 'yar jihar Katsina, ta yi suna da Allura Cikin Ruwa. Sai finafinan bidiyo suka biyo baya, daga Turmin Danya a 1990 zuwa Sangaya a ƙarshen shekarun, fim ɗin da ya bunƙasa salon rawa da waƙa tsakanin jarumi da jaruma. A nan waƙar fiyano ta samu gindin zama, har ta haifi mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef.

Kowane zango yana rage tazarar da ke tsakanin labarin da mai kallo. Silima sai namiji ya fita da dare ya sayi tikiti, matan aure kuwa ba sa zuwa. Littafi ya shiga ɗaki. Kaset da faifai sun shiga falo. Masu tura finafinai a rumfunan kasuwa sun zuba su a katin waya, cikinsu har da finafinan Indiya da ɗakunan fassara irin su Algaita suka mayar Hausa. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, sannan finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka mamaye talabijin da YouTube daga 2020. Yau labarin yana ƙarƙashin matashin kai.

Alherin da aka samu

Adalci ne a faɗi abin da waɗannan labarai suka gyara. A In Da So Da Ƙauna, Sumayya 'yar masu kuɗi ta so talaka Muhammad, aka nemi tilasta mata auren mai kuɗi, ta faɗa rijiya. Dubban 'yan mata sun karanta wannan sun ga damuwarsu a rubuce a karon farko. Littattafan Balaraba sun yi magana a kan cire yarinya daga makaranta a aurar da ita, da mijin da ke wofintar da uwargida da 'ya'yanta idan ya hango amarya. Haƙƙin mace na a nemi yardarta ba daga Indiya ya zo ba, domin hadisi ya tabbatar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Amma littafi da fim sun taimaka wajen mayar da maganar bakin mutane. Sun kuma koya wa maza da yawa cewa kalma mai daɗi ga matar aure ba ragwanta ba ce.

Saboda haka matsalar ba ta son so ba ce. Tana cikin abin da labarin ke nunawa da abin da yake yankewa.

Abin da kyamara ke iya ɗauka

Mai shirya fim yana da matsala guda: so abu ne na cikin zuciya, kyamara kuwa sai abin da ido ke gani take ɗauka. Dole ya nemo wa so siffa. Sai ya zama mota da aka faka a ƙofar gida, da leda cike da kaya, da waya sabuwa a kwali, da falo mai kujeru na alfarma, da saurayin da ba ya da wani aiki sai kiran waya. Galibin gidajen da ake ɗaukar fim a cikinsu na aro ne ko na haya, motar ma haka, kayan jikin jaruma kuma sau da yawa talla ce ga wani shago. Mai kallo bai ga wannan ba. Abin da ya gani shi ne duk inda aka ce so, sai ga kaya.

Ko labarin da ke cewa kuɗi ba su ne so ba yakan faɗa wannan rami. A wani zango na Labarina, attajiri Mainasara ya ɓad da kama ya zama talaka don ya gano mai sonsa tsakani da Allah. Darasin a fili shi ne a so mutum don halinsa. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani saƙo da ke shiga zuciya ba sallama: ladan wadda ta so talaka shi ne ta wayi gari ta tarar ashe mai kuɗi ne. A Katsina kuwa, wadda ta auri mai gyaran babur za ta wayi gari da mai gyaran babur, kuma wannan ba gazawar aurenta ba ce.

Abu na biyu shi ne inda labarin ke tsayawa. Fim ɗin soyayya yakan cinye tsawonsa a kan cikas kafin aure: iyaye sun ƙi, kishiya ta shirya makirci, an yi hatsari, an rabu, an dawo. Da an ɗaura aure sai a rubuta godiya ga Allah. Shekaru talatin na cefane, da laulayi, da kuɗin makaranta, da zaman dangin miji, ba su da wuri a ciki. Tsoffin mawaƙa sun fi kusantar wannan ɓangare. Ɗan Maraya Jos ya yi Jawabin Aure, Barmani Coge ta Funtuwa kuma ta shafe rayuwarta tana yi wa mata waƙar kishi da haihuwa da riƙon sana'a. Waƙar soyayya ta yanzu ta fi zama a kan bege da rantsuwar mutuwa idan an rabu.

Abu na uku ya zo da waya. Fim dai kowa ya san shiri ne. Amma bidiyon TikTok da Instagram yana zuwa da fuskar gaskiya: ga mutane na ainihi, ga sunayensu, ga mijin da ya rufe wa matarsa ido ya kai ta gaban sabuwar mota. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta haifar da yayin da matan aure ke rawa gaban mazajensu ana ɗauka ana watsawa, har malamai da jama'a suka yi ta muhawara. Abin lura shi ne yadda zaman ɗaki ya zama abin nunawa. Manhajojin kuma an gina su ne su ƙaro wa mutum irin abin da ya daɗe yana kallo. Wadda ta tsaya a kan bidiyon lefe uku za ta ga na huɗu da na goma, kowanne ya fi na baya akwatuna. Aure dubu da aka ɗaura a masallatan unguwa da goro da alawa ba wanda ya ɗauka. Sai abin da ba kasafai ake yi ba ya koma kamar shi ne kowa ke yi.

Masu bincike sun auna wani abu mai kama da wannan. A 2002 Chris Segrin da Robin Nabi sun yi nazari a kan ɗaliban jami'a marasa aure a Amurka. Sun gano cewa yawan kallon talabijin kawai ba shi ne ke tafiya da zaton aure mara aibi ba, kallon shirye-shiryen soyayya ne musamman. Binciken yana da iyaka, domin ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare ne, bai tabbatar da wanne ya haifi wanne ba, kuma mai yiwuwa ne wanda zuciyarsa ta riga ta karkata ga mafarki shi ya fi neman irin waɗannan finafinai. Raymond Knee kuma, a 1998, ya bambanta masu ganin cewa masoya ko dai an yi su don juna ko ba a yi ba, da masu ganin cewa zama abu ne da ake ginawa. Na farkon sun fi saurin janye jiki idan farkon tafiya bai yi daɗi ba.

Lissafin wani aure

A ɗauki misalin da ke faruwa kullum. Saurayi ne ma'aikaci a cikin birnin Katsina, a ce albashinsa naira 100,000 a wata, wato ya ɗara mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Bayan abinci da man babur da taimakon gida, yana iya ajiye 20,000. Cikin shekara biyu ya tara 480,000. Budurwarsa na sonsa, shi ma yana sonta, iyaye sun amince.

Abin da addini ya wajabta masa kaɗan ne: sadaki, wanda mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, sai wurin zama da ci da sha da sutura gwargwadon hali. Al'ada ta ƙara kuɗin gaisuwa, da kayan sa rana, da lefe. A ɓangaren amarya kuma akwai kayan ɗaki da gara, da hidimar kamu da sa lalle da wuni. Waɗannan kansu nauyi ne tun kafin waya ta zo.

Sai jerin ya fara tsawo. Lefen da yayyensa mata suka tsara na akwati uku ya koma saiti shida da kit, domin haka aka gani a bikin wata ƙawa. Kowane turmin atamfa ana so ya zo da mayafinsa da takalmi da jaka masu shiga da shi. Leshi da shadda sai masu suna. Ga hotunan kafin aure da kaya kala uku. Ga dina a zauren biki, da mai kwalliya, da mai ado na wuri, da mai ɗaukar bidiyo, da mai gabatarwa, da waƙar da za a yi a situdiyo a ambaci sunan ango da amarya. Ga anko na ƙawaye da na abokai. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka nema da sunan kwaɗayi. Da sunan so ake nemansu, da kuma gudun kunya: "Yaya, ka san fa za a ɗauka a waya, kada a raina mu."

A ƙaddara jimillar abin da ke kansa ta kai naira miliyan biyu. Da ajiyar 20,000 a wata, sai ya yi wata 100, fiye da shekara takwas. Ba zai jira ba. Zai haɗa abin da ya tara da gudummawar 'yan'uwa da kuɗin adashi, a ce sun kai miliyan ɗaya, ya ranto sauran miliyan ɗayan, wani a wurin aiki, wani kuma kaya ne zai ɗauka bashi a shagon wani sananne a kasuwa. Idan yana biyan 40,000 duk wata, sai ya yi wata 25 kafin ya fita. Ma'ana, shekara biyun farko na aure, lokacin da ake koyon halin juna, kuma galibi lokacin da ciki na fari da haihuwa da suna ke zuwa, gidan zai rayu ne a kan 60,000.

A can gidan su amarya ma lissafin bai bambanta ba. Uba ya sayar da fili ko dabbobi don gado da kujeru da firji da kayan kicin da za su cika ido ranar jere, domin 'yan ganin ɗaki ma da wayoyinsu suke zuwa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, duk kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, amma jerin da ke cikin waya bai ragu ba.

Bayan wata uku sai ainihin ɓarnar ta bayyana. Angon da a da yake kira sau biyar a rana yanzu yana dawowa da magariba a gajiye, da lissafin bashi a kansa, ya yi shiru. Amarya tana da ma'auni guda da aka ba ta na gane so, wato kyauta da kalamai da fita shaƙatawa, ga shi duk sun ɗauke. Sai ta yanke cewa ya daina sonta. Shi kuma yana da nasa hoton da ya kwaso: mace mai kwalliya dare da rana, mai fara'a ko da yaushe, gida na ƙamshin turaren wuta, jiki irin na hoton da manhaja ta goge. Ya tarar da mutum mai gajiya da laulayi da fushi. Sai ya yanke cewa ta canza. Cikinsu babu wanda ya yi ƙarya lokacin zance. Kowanne yana gwada ɗan'uwansa ne da wanda ba ya wanzu.

Daga nan kasuwa ke sake samun ciniki. Wadda ta yi zaton so ya gudu takan nufi masu kayan mata, da masu tallar haɗin mallaka a Instagram, da man shafawa mai sauya launin fata. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan mayuka, domin wasunsu na ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta yi sirara ta ƙone, wasu kuma na taɓa ƙoda. Kuɗin da ya kamata su rage bashi sai su tafi neman maganin ciwon da ba shi ne ke damun gidan ba.

Yadda ake gane zaton aro

Ba kowane buri ne gurɓatacce ba. Mace na da haƙƙin son a kyautata mata, namiji ma haka. Akwai dai alamomin da ke nuna cewa zaton ba daga cikin zaman ya taso ba.

Alama ta farko ita ce idan abin da ake nema ba shi da daɗi sai an nuna shi. Kyautar da za ta faranta rai ko ba wanda ya sani daban take da wadda amfaninta shi ne a ɗora a sitatus. Ta biyu ita ce idan ƙorafin yana zuwa da sunan wani: mijin wance ya yi mata kaza, matar wane tana yin kaza, alhali ba a san komai game da gidan ba sai daƙiƙa talatin da suka zaɓa suka nuna. Ta uku ita ce ɗaukar saɓani na farko a matsayin hujjar cewa an yi kuskuren zaɓe, ko kuma tsammanin mai so zai san abin da ke zuciya ba tare da an faɗa masa ba. Ta huɗu ta fi haɗari: fim da waƙa sun saba nuna kishi mai zafi, da bibiyar waya, da nacin saurayin da aka ce masa a'a, a matsayin zurfin so. Yarinyar da ta tashi da wannan na iya ɗaukar takura da barazana a matsayin ƙauna, har ta shiga gidan da bai kamata ta shiga ba.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a kiyaye. Mijin da ba ya ciyarwa, ko mai duka, ko mai wulaƙanci, ba fim ne ya sa matarsa ƙorafi ba. Sau da yawa ana fakewa da cewa mata sun kalli fim don a rufe bakin mai gaskiya. Mutuwar aure a ƙasar Hausa, wadda ta kai gwamnatin Kano ga fara auren zawarawa a 2012, tana da tushe da yawa: talauci, da saurin furta saki, da auren da aka ƙulla ba a san juna ba, da ƙarin aure ba hali. Zaton da allo ke shukawa ɗaya ne daga ciki, kuma ya fi yin ɓarna inda ya tarar da aljihu a bushe.

Hani shi kaɗai bai taɓa tare abin ba. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙa da mawaƙi ClassiQ, amma galibin wannan ya shafi sutura da taɓa jiki ne. Ba wata hukuma da ke tace saƙon da ke cewa so shi ne mota, kuma wayar da ke hannun yarinya ba ta bi ta gaban kowace hukuma.

Inda ake da iko a kai shi ne zaman da ake yi kafin a shiga kasuwa. Wasu iyalai kan sa waliyyan ɓangarorin biyu su yanke adadin akwatuna da bukukuwa tun ranar sa rana, don kada nauyin cewa a'a ya faɗa kan saurayi ko budurwa. Wasu kan karɓi kuɗin lefe a dunƙule, amarya ta sayi abin da za ta sa, ragowar ta ja jari. Masu zance kuma na iya ware dare ɗaya daga kalaman bege su yi maganar da fim ba ya yi: nawa ake samu, nawa ake bin bashi, a ina za a zauna, da wa za a zauna, za ta ci gaba da karatu ko sana'a, wa za a kai wa ƙara idan an saɓa. Su ma marubuta da masu shirya finafinai suna da fili a buɗe, domin karɓuwar da Daɗin Kowa ya samu a Arewa24, da unguwarsa ta talakawa da rigingimun gidan haya, ta nuna cewa Hausawa na zama su kalli rayuwar da ta yi kama da tasu.